Kuɗin intanet ya tashi bayan wata uku

Jama'a, ina neman shawararku. Na sa intanet a shagona da ke Kawo, Kaduna, kan naira 15,000 a wata, sai ga shi a wata na huɗu an cire mini 25,000. Da na je ofishin kamfanin, suka nuna mini ƙananan rubutu a ƙasan takardar da na sa wa hannu, wai farashin farko rangwame ne na wata uku kawai, kuma yarjejeniyar ta shekara guda ce, wanda ya fita kafin lokaci zai biya kuɗin na'urar da aka ba shi. Alhali wakilinsu bai taɓa ambata mini wannan ba. Shin rashin bayanin nan hujja ce da zan iya kai ƙara gaban hukumar sadarwa ta NCC, ko sa hannuna ya riga ya ɗaure ni?