Fassara ta hargitsa min sharuɗɗan rajista, jama'a a taimaka

Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta a Wuse, Abuja, ina so in yi rajista da wata manhajar lissafin kaya da ke ba da gwajin kyauta na kwana 7, amma sai an sa katin banki. Sharuɗɗansu da Turanci suke, masu tsawon gaske, shi ya sa na kwafa na zuba a Google Translate.

A sashen biyan kuɗi ne na maƙale. A wayata kalmar "auto-renew" ta fito "sabunta mota". Da na cire jimlar ita kaɗai na sake fassarawa, sai na ga kamar suna nufin za su ci gaba da cirar kuɗi duk wata sai na soke da kaina. To yaushe ake sokewa? An rubuta awa 24, amma fassarar ta ce "kafin" a wuri ɗaya, ta ce "cikin" a wani. Wannan bambancin kuɗin wata guda ne, kuma kusa da shi akwai "non-refundable", wato ba a mayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanan mutane. "Third parties" ya fito "jam'iyyu na uku", alhali lambobin wayar kwastomomina zan zuba a ciki, amana ce a hannuna. Su waye waɗannan, kamfanin da ke karɓar kuɗin ne ko masu talla? Na san akwai dokar kare bayanai ta 2023. Shin ta ba ni damar in ce su goge komai in na fita? Don Allah wanda ya san waɗannan kalmomin ya warware min, ban danna "I Agree" ba tukuna.