Wai don na rubuta "malalaci" aka dawo mini da kati

Malamin Aji Biyu: Jama'a ku taya ni ji. Na gama cike katin sakamako na ɗalibai 67, shugabar makaranta ta dawo mini da guda ta zagaye kalma ɗaya da jan biro. Abin da na rubuta shi ne: "Yaro ne mai ƙwaƙwalwa amma malalaci. Ya ƙara himma." Na yaba, na kuma faɗi gaskiya, ina laifina? Ni dai a ganina sharhin nan ɓata lokaci ne, iyaye maki da matsayi kawai suke dubawa. A soke shi kowa ya huta.

Maman 'Yan Biyu: Malalaci? A katin ɗan mutane? Malam, da ɗana ne wallahi da safe za ka gan ni a ofis.

Malamin Turanci: To Hajiya me zai rubuta, gwarzo? A zamaninmu daƙiƙi ma an rubuta wa wasu, ga su nan sun zama mutane.

Maman 'Yan Biyu: Waɗanda suka bar makaranta saboda kalmar fa, ka ƙirga su?

Tsohon Hedimasta: Malam, kafin a yi nisa, buɗe littafin makinka ka karanto mana layin yaron. A wane darasi ka ga lalacin?

Malamin Aji Biyu: Lissafi nake koya musu, Baba. Gwajin farko 8 cikin 10, na biyu 7 cikin 10, aikin gida 4 cikin 20, jarrabawa 41 cikin 60. Jimla 60. Aikin gida takwas na ba su a zangon nan, biyu kacal ya kawo. In wannan ba lalaci ba ne, mene ne?

Tsohon Hedimasta: Yauwa, ai ga sharhin nan ka rubuta da kanka. Duk abin da aka yi a gabanka cikin aji, yaron ya ci kusan kashi 70 cikin 100 ko fiye. Makin da ya zube na aikin da ake yi a gida ne, inda idonka bai kai ba. Abin da ka sani tabbas shi ne ayyuka shida ba su zo ba. Dalilin rashin zuwansu kuwa hasashe ka yi, sai ka sa hasashen a kati ka bar abin da ka gani. Da ni ne sai in ce: "Ya yi kyau a gwaje-gwaje da jarrabawar lissafi. Aikin gida 2 cikin 8 ya kawo, shi ya rage masa maki. A duba littafinsa a gida duk ƙarshen mako." Uban da ya karanta wannan ya san abin da zai yi. Wanda ya karanta "malalaci" bulala kawai zai ɗauko.

Malamin Turanci: Baba, da girmanka, wannan ai zagaye-zagaye ne. Wanda bai yi aikinsa ba sunansa malalaci.

Malama Mai Firamare: Ba lallai ba. Akwai yarinyar da na taɓa yi wa irin wannan kallon, ashe daga makaranta talla take wucewa, da yamma Islamiyya, da dare babu wuta. Amma ni ban yarda a rubuta rauni a kati ba sam. Yabo kawai nake sawa, gyaran in faɗa wa uwar baki da baki.

Tsohon Hedimasta: Rabin maganarki daidai ne, Malama. Abin da ya shafi sirrin gida, ko zargin yaro ba ya gani sosai ko ba ya ji, wannan a kira iyaye a zauna, ba a kati ba. Amma yabo zalla ma cuta ce. Na sha ganin kati da 28 a lissafi, a ƙasa an rubuta "ya yi ƙoƙari, ya ci gaba da haka." Ya ci gaba da me? Sai zango na uku a ce zai maimaita aji, uban ya zo da katunan baya biyu a hannu yana tambaya yaushe aka gaya masa akwai matsala.

Malamin Turanci: Ai halin makarantun kuɗi ke nan. Kowane yaro haziƙi ne muddin an biya kuɗin zango.

Malama Mai Firamare: Malam ka iya bakinka. Ku na gwamnati da kuke ba monita kati ya kwafa "zai iya fin haka" tun daga na ɗaya har na ƙarshe fa?

Malamin Turanci: Ke yara nawa ne a ajinki, 25? Ki zo ki riƙe 90, albashi bai shigo ba, mu ga ko za ki rubuta wa kowa wasiƙa.

Baban Yara: Ni tambayata, me ya sa 'yata ta ci 74 amma ta zo ta 11? Bara da 70 ta zo ta 6. Anya ba a taɓa makin?

Maman 'Yan Biyu: Alhaji ba wannan ake yi ba, sauran ne suka ƙara ƙwazo. Amma ka tuna mini: sharhin ma da Turanci ake yi, surukata da ke riƙe da jikokinta sai ta kai wa maƙwabci ya karanta mata. Ka ga "malalaci" ya zaga unguwa.

Malamin Aji Biyu: Baba, naka ya yi tsawo. Layi biyu ne a katinmu. Kuma ta ina zan tuna halin yara 67 ɗaya bayan ɗaya?

Tsohon Hedimasta: In wuri ya ƙi, taƙaita: "Jarrabawar lissafi ta yi kyau, aikin gida 2 cikin 8. A riƙa duba littafinsa." Batun tunawa kuwa, ba da ka ake yi ba. Ka ajiye rajista da littafin maki a gabanka, a layin kowane yaro ka nemi inda ya fi ƙarfi da inda ya fi faɗuwa, ka duba makara da fashi, ka kwatanta da zangon baya. Wanda ya tashi daga 35 zuwa 48 ya cancanci a faɗa, ko da yana can ƙasa a matsayi. In ka gama, rufe sunan da yatsa ka karanta. In sharhin zai hau kan yara goma a ajin, ba ka ce komai a kan wannan ba. Sannan ka duba kada ya ci karo da gefen ɗabi'u: kar ka ba yaro cikakken maki a zuwa da wuri alhali a ƙasa ka ce yana makara.

Malamin Turanci: Duk da haka ban ji wanda ya kawo hujjar cewa yaron ba malalaci ba ne.

Malama Mai Firamare: Kai ma ba ka kawo ta cewa shi ne ba. Malam, ka taɓa tambayarsa?

Malamin Aji Biyu: Na tambaya, shiru ya yi.

Mai Kula da Zaure: To a tsaya haka, dare ya yi. Abin da na fahimta: kusan kowa ya yarda malamai na cikin wahala, kuma masu zama a ofis da jan biro ba su san zafin aji ba. Malam bai yi ƙarya ba, kalmar ce ta yi wa iyayen zamani nauyi. Shawarar Baba mai kyau ce ga mai yara 25. Malam, ka canza kalmar don a zauna lafiya.

Maman 'Yan Biyu: Wane "kusan kowa"? Ku biyu ne fa, kai da abokinka.

Malamin Aji Biyu: Na sa na Baba, gajeren. Amma maganar a soke sharhin gaba ɗaya har yanzu ba wanda ya amsa mini.