Neman kalma: Best, Base, Worst a lissafin kiwon kaji

Maman Iman: Salam 'yan uwa. Gobe zan koyar da 'yan ƙungiyar masu kiwon kaji, fayil ɗin Excel da aka ba ni yana da shafi uku, Best, Base, Worst, sai na huɗu Sensitivity. Dan Allah me zan kira su da Hausa?

Sadik: Mai kyau, tsaka-tsaki, mummuna. An gama.

Malam Habu: Tsaka-tsaki zai ɓatar da su Sadik, za su ɗauka haɗa biyun ake a raba. Base shi ne abin da kika fi zaton zai faru. A ce kaji 1,000, 50 sun mutu, kin sayar da 950 a naira 8,000, kuɗi 7,600,000 kenan, kin kashe 6,600,000 wanda 4,500,000 duk abinci ne, riba miliyan ɗaya. Ni sai in ce "hasashen tushe", sauran biyun "in an dace" da "in ta ɓaci".

Hajiya Turai: In ta ɓaci ai murar tsuntsaye ce, ni ta taɓa share min keji kaf.

Malam Habu: Allah ya mayar da alheri Hajiya, amma wannan gwajin masifa ne, daban ake yin sa. A nan ɓacin da aka saba gani ake nufi, abinci ya tashi da kashi 10, farashin kaza ya sauka zuwa 7,200, mutuwa ta kai 100, duk a zubi ɗaya. Ya shigo 6,480,000 an kashe 7,050,000, asarar 570,000.

Maman Iman: To na huɗun fa Malam?

Ɗan Masani: "Ma'aunin girgiza". Tuntuni nake cewa a ɗauka amma kun fi son ku riƙa sinariyo sinariyo dan a ce kun yi boko, harshenmu bai gaza ba wallahi.

Sadik: Lissafi da riba ma daga Larabci muka aro, ba wanda ya mutu. Kuma girgiza kowa ƙasa zai tuna.

Ɗan Masani: Kai da ka ce tsaka-tsaki har kana da bakin magana?

Malam Habu: Ku bari ta samu abin koyarwa. Shafin nan abu ɗaya ake motsawa a bar saura yadda suke. Abinci kaɗai ya ƙaru da kashi 10, riba ta koma 550,000. Farashin kaza kaɗai ya sauka da kashi 10, ta koma 240,000, kin ga farashi ya fi abinci illa, a nan za su sa ido, su nemi mai saye tun kafin kajin su isa. In kika motsa biyu tare ba za ki gane wanne ya ci ribar ba. "Gwajin ɗaya-bayan-ɗaya" ya fi nuna aikin.

Ɗan Masani: Wannan bayani ne, ba suna ba.

Maman Iman: Na ɗauki ukun farko, na gode Malam. Na huɗun zan rubuta duka biyun a allo in ga wanda suka riƙe.

Ɗan Masani: To ki fara rubuta nawa.