Telan da ya fi kowa aiki yana korar mini ma'aikata

Mai shago: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗinki a Kano, mu tara ne. Akwai telan da ya shekara uku tare da ni, a rana yana haɗa kaftani shida, sauran kuwa uku-uku, kuma shi kaɗai ya iya injin aikin wuya na kwamfuta. Matsalar halinsa ne. Yaro ya yi kuskure, sai ya ɗaga rigar a gaban kwastoma yana cewa ku zo ku ga aikin jaki. In an kawo wuta ya kama injin, sai ya gama nasa kaf kafin ya taɓa na wani. Cikin wata huɗu teloli biyu sun tafi, na uku ya fara zancen tafiya. Saura mako bakwai azumi. In sallame shi ne ko in haƙura?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka bincika da kyau, kada hassada ce. Duk inda mutum ɗaya ya fi samun kuɗi, sai ka ji an ce ba shi da hali. Mai shida a rana ba a samunsa a bakin titi. Waɗanda suka tafi, ka tambaye su dalili kuwa?

Mai shago: Na tambayi ɗaya. Ya ce ba ya ƙyashin abin da wani yake samu, amma ba zai zauna inda ake zaginsa a gaban mutane ba, shi ma magidanci ne. Kuma da kunnena na sha jin zagin.

Tsohon tela: Ɗana, zauna mu yi lissafi tukuna. Kana kallon shida ɗinsa, ka manta mutum biyun da suka tafi, uku-uku suke yi, shida ke nan a rana ka rasa. Ashe abin da yake kawowa ya riga ya fita ta ƙofar baya. In na ukun ya bi su, ka shiga asara, ban da lokacin da za ka ɓata kafin sabon tela ya gane awon kwastomominka. Sannan ka ƙirga rigunan da aka gama haɗawa suna rataye suna jiran aikin wuya. Telan da ake biyansa bisa abin da ya gama, in rigarsa ta kwana uku a rataye, kuɗin cefanensa ne ya kwana uku. Wannan ya fi zagin cin rai, ko da ba su faɗa maka ba.

Ina tambaya: yaya kake biyansu, kuma waye yake tsara layin injin?

Mai shago: Baba, naira 2,500 ne kowane kaftani. Aikin wuya kuma ina ba shi nasa daban. Layi babu wani tsari, shi yake zaɓa.

Tsohon tela: To ka gani. Kai ka ɗora shi a kan hanyar, ba ka sani ba. Duk minti talatin da zai ɓata yana koya wa yaro, daga aljihunsa ta fita. In ya sa rigar wani a inji kafin tasa, nan ma shi ya rage. Ba ina wanke shi ba ne, zagi halinsa ne, amma riƙe injin tsarinka ne ya haife shi.

Fara da layin. Ka kafa allo a bango, duk rigar da aka gama haɗawa a rubuta ta da ranar alkawarinta. Wadda alkawarinta ya fi kusa ita ke shiga inji, ko ta waye. Wannan kai za ka sanar, a matsayin dokar shago ta kowa, ba tare da kiran sunansa ba.

Bayan nan ka zaunar da shi ku biyu, bayan an tashi, ba a gaban yara ba. Kada ka ce masa "ba ka da hali", zai ce haka Allah ya yi shi, magana ta mutu. Ka ambaci abin da ya faru da ranarsa: ran Talata ka ɗaga rigar wane a gaban kwastoma ka ce kaza. Ka gaya masa ka san ƙwarewarsa, kuma kana son ya zauna. Sai ka faɗi abin da kake nema: in ya ga kuskure ya kira mutum gefe ko ya kawo maka, kuma ya koya wa mutum ɗaya injin nan. Koyarwar ka biya shi, ka yanka masa wani abu duk mako, tunda lokacinsa ne. Ku sa mako huɗu ku sake zama. Ka ga akwai sauran mako uku kafin azumi, in ba ta yiwu ba kana da sararin neman wani.

Alamar da za ka duba ba yadda yake gaishe ka ba ce. Duba ko yara sun koma tambayarsa abu. In har yanzu sun gwammace su ɓata yadi da su je wurinsa, to a gabanka kawai ya canja.

Hajiya mai gidan abinci: Ni dai na ga irin wannan a Zariya. Ina da mai girki, hannunta babu na biyu, amma kullum sai ta sa wata kuka. Na yi ta lallashi shekara guda, ina tsoron kwastoma su gudu. Ranar da ta tafi, wallahi sati biyu muka sha wahala, daga nan yaran da nake ganin ba su iya komai ba suka riƙe kicin ɗin. Ashe tsoro ne ya hana su motsi. Ƙanena, ka sallame shi kawai.

Ɗan Kwari: Hajiya, ke kina da masu hura wuta su ɗora tukunya. Shi in mutumin nan ya tafi yau, injin ya zama kayan ado, ga shaddar mutane ta Sallah a jibge. Kuma rabin kwastomomin za su bi shi.

Ma'aikaciyar ofis: Aikina ke nan, kula da ma'aikata, bari in ƙara abu biyu. Yaya, kada fushi ya sa ka fara yanke masa kuɗi da sunan tara. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 5, ta hana cire tara daga ladan ma'aikaci. In kuma ta kai ga rabuwa, sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar ana ba shi sanarwar mako biyu, a rubuce, ko a biya shi kuɗin makonnin. Don haka duk zaman da kuka yi, ka rubuta rana da abin da aka amince a littafi, ya sa hannu.

Na biyu, bayan naira 2,500 ɗin, ka ware kamar naira 300 a kan kowace rigar da ta fita ranar alkawari ba a dawo da ita gyara ba, a tara, a raba daidai ƙarshen mako. Jinkirin wani ya zama asararsa shi ma.

Tsohon tela: 'Yata, na yarda da rubutun, amma rabon daidai ina da ja. Mai shida ya ga ya karɓi abin da mai uku ya karɓa, sabon dalilin raini ka ba shi, zai fara cewa shi yake ciyar da su. Gara a raba gwargwadon aikin kowa, amma sharaɗin fitar kuɗin ya zama shago gaba ɗaya ya cika alkawari.

Ma'aikaciyar ofis: Baba, in aka yi haka tazarar ce za ta ƙaru, kuma ita ce ke ci wa sauran tuwo a ƙwarya. Ni dai na fi son daidai.

Mai shago: Na gode ƙwarai. Allon gobe zan kafa, zaman kuma ran Asabar in sha Allah. Abin da ban faɗa ba, mahaifinsa aminin mahaifina ne, shi ya kawo mini shi da hannunsa. In ya ƙi koya wa kowa injin, in fara zuwa wurin tsohon ne, ko in tura yaro ɗaya ya koyo a wani shagon ba da saninsa ba?

Tsohon tela: Tura yaron, amma ka gaya masa ka tura, in ya ji a bakin wasu zai ɗauka makirci ne. Tsohon kuwa ka bari sai mako huɗun sun cika, kuma ka je da littafin.