Jama'a yaya zan ce "alaimen" na bugun leda da Hausa?

Maman Ilham: Salam. Gobe da safe ina da shiri a rediyo nan Katsina kan jabun famfas da audugar mata, zan nuna yadda ake gane su tun daga leda, amma na maƙale a alaimen ɗin rubutu. Me zan ce?

Sada Kofar Ƙaura: Alaimen ba na tayar mota ba ne Hajiya?

Lawal Mai Firintin: A'a Sada. Injin buga leda kowace kala da rolarta, shuɗi ya hau, ja ya hau, to in ba a saita su ba sai ki ga harafi da wani siririn layi a gefensa, ko fuskar jaririn ta yi dishi-dishi jan leɓe ya sauka haɓa. Kamfani na zubar da irin wannan, mai jabu kuwa cusa kaya yake ciki. Mu a shago cewa muke kala ta goce.

Malam Daurawa: Kala ba Hausa ba ce, launi. "Daidaiton launi". Kuma mene ne audugar mata ga kunzugu? Leda ma a ce marufi.

Maman Ilham: Malam marufi ai na tukunya ne, kunzugu kuma tsumma mata za su ɗauka.

Malam Daurawa: Ku 'yan rediyo da Hausar Kano ku kuka kashe harshen, daga Daura fa aka faro.

Sada Kofar Ƙaura: To Malam a Daura me kuke zuba tumatir in ba leda ba 😂

Anti Bilki: Ni dai bugu bai ishe ni shaida ba. Na taɓa sayen wanda ledarsa tas, na yaga guda ɗaya audugar ta dunƙule gefe guda tsakiya ba komai, ga ta ruwan toka. Mai kyau fara ce a shimfiɗe, da ƙananan ƙwayoyi kamar sukari, in kin zuba ruwa su kumbura su riƙe, wancan ina dannawa ruwa ya dawo a hannuna. Ledar jabu kuma kullum siririya ce.

Lawal Mai Firintin: Ba kullum ba Anti, wasu ledar asali suke samu su cika da kayan da aka ƙi. Shi ya sa Hajiya ki ce a duba bakin liƙi ko ya karkace ko an sake liƙawa. Kwanan wata da lambar bac, wato lambar rukunin kayan da aka yi tare, daban ake buga su bayan an gama leda, in sun fito sumul tare da zanen akwai tambaya. Lambar NAFDAC ma ana kwafa.

Maman Ilham: To zan ce "gocewar launi", don daidaiton launi za a zata dacewar kala ake nufi. Leda tana nan.

Malam Daurawa: Launin dai kin ɗauka, ba laifi. Ƙwayoyin nan na ciki fa, kar in ji kin ce jel.

Anti Bilki: To me za ta ce Malam?