Roƙon aboki ya bar zafafan muhawara a zauren WhatsApp: abin da kowa ya gani

Mai tambaya, Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum. Muna da zauren WhatsApp na ƴan Tawa mazauna Yamai, wanda aka buɗe domin sanarwar rasuwa, suna da ɗaurin aure, da kuma tara gudummawa idan wani ya kwanta asibiti, kuma ina cikin masu kula da shi. Aminina, wanda muka tashi unguwa ɗaya, da zarar watan Rabi'ul Awwal ya kama sai ya fara turo wa'azin cewa Maulidi bidi'a ce, ƴan'uwanmu na Tijjaniyya, waɗanda wasunsu ke shirin tafiya Kiota, su kuma su mayar da martani, a kwana ana musayar saƙon murya. A bana sanarwar wata jana'iza ta nutse cikin wannan gardama, har mutane da dama ba su gan ta ba sai bayan an yi sutura. Ina so in roƙe shi ya bari, amma ba na so in rasa shi. Wanda ya taɓa fuskantar irin wannan ya gaya mini yadda ya yi.

Tsohon malamin lakwal, Tawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Namu na siyasa ne, amma ciwon ɗaya ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da CEDEAO ta saka takunkumi kuma Nijeriya ta yanke mana wuta, zauren danginmu ya rikice, domin muna da ƴan'uwa a Ƙonni da kuma tsallaken iyaka a Illela da Sakkwato. Wani ƙanena ya riƙa turo maganganu masu zafi dare da rana. Wani daga cikinmu ya kama sunansa a bainar jama'a ya ce ya isa haka, sai abin ya ƙara tsanani, saboda mutumin da aka tsawata wa a gaban mutane ba ra'ayinsa yake karewa ba kuma, mutuncinsa yake karewa.

Ni ban rubuta masa komai ba. Na same shi a fadarsu bayan la'asar, na jira har aka sha shayi aka watse. Ban taɓa batun wa ke da gaskiya ba ko da kalma ɗaya, domin da na taɓa shi da mun buɗe sabuwar muhawara ni da shi. Na nuna masa sunayen waɗanda suka fice daga zauren a wannan mako, cikinsu har da gwaggonmu, sannan na ce: «Ƙanena, ban zo in canza maka ra'ayi ba. Abu ɗaya nake roƙo: irin wannan magana, ka turo mini ni kaɗai ko ka kai ta inda aka taru dominta, ka bar mana wannan wuri na zumunci.» Ya ce ai ba shi kaɗai ke yi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na shaida masa cewa daga wurinsa zan wuce wurin abokin gardamar tasa da wannan roƙo, kuma na je.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan ka roƙi amininka shi kaɗai ka ƙyale masu mayar masa da martani, zai ɗauka ka shiga ɓangarensu, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai bayan na gana da su duka aka fitar da sanarwa ta gaba ɗaya wadda ba ta ambaci sunan kowa ba. Alamar da ta nuna mini roƙon ya shiga ita ce ya ci gaba da gaisuwa da yin ta'aziyya a zauren. Wanda ya yi tsit gaba ɗaya bai yarda ba, fushi yake yi, kuma ya kamata a koma wurinsa.

Ɗalibi, Harobanda

Baba, da girmamawa, ina ganin hanyar ta yi tsawo. Mai kula da zaure yana iya saita shi ta yadda masu kula kaɗai za su iya tura saƙo, kuma yana iya goge saƙon wani ga kowa da kowa. A zauren ajinmu na jami'a mun rufe shi a makon da ake gardamar ganin watan Sallah, aka samu lafiya.

Tsohon malamin lakwal, Tawa

Rufewa tana kashe wutar dare ɗaya, kuma na yarda tana da amfani idan an kai ga zagi. Amma zauren mai tambaya na sanarwar rasuwa ne. Idan an yi rashi da tsakar dare alhali masu kula suna barci, wa zai sanar? Gogewa kuma tana barin alama cewa mai kula ne ya goge, kowa yana gani, saboda haka idan ba a riga an yi magana da mutumin ba, daidai take da tsawatarwa a bainar jama'a.

Wani ɗan kasuwa, Katako

Ni ban ga laifin amininka ba. Umarni da kyakkyawa da hani da mummuna wajibi ne, kuma wanda ya san gaskiya ya ɓoye ta zai amsa tambaya. Idan hujjarsa ba ta yi musu daɗi ba, su kawo tasu.

Hajiya, Lazare

Alhaji, ba hukuncin Maulidi aka tambaya ba, kuma idan muka shiga nan za mu zama abin da ake kuka da shi. Sai dai maganarka ta nuna wa mai tambaya irin amsar da zai ji, domin wanda yake ganin ibada yake yi ba ya jin roƙo kamar mai gardamar siyasa.

Ni nawa bai ƙare da daɗi ba. A zauren adashenmu, wadda ke turo irin waɗannan saƙonni ta girme ni sosai, kuma a tarbiyyarmu ƙarami ba ya cewa babba ya yi shiru. Na bi ta hannun wata sa'arta da take jin nauyinta. Ta saurara, ta ce ba za ta zauna inda aka hana ta faɗin abin da ta yi imani da shi ba, ta fice. Har yau tana aiko da zubinta kuma muna gaisawa a wurin biki, amma ba kamar da ba. Saboda haka, ƙanena, ka je da sanin cewa ko ka bi duk ladabin da Malam ya faɗa, yana iya zaɓar tafiya.

Abu ɗaya zan ƙara game da siyasa. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yunin 2024, ta maido da hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna ta waya, kuma tana hukunta yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a. Saƙon zaure ba sirri ba ne, kowa yana iya ɗaukar hotonsa ya tura waje. Na ga wanda bai ji roƙon zumunci ba amma ya ji wannan, muddin an faɗa masa da sigar tausayi, ba ta barazana ba.

Mai tambaya, Bukoki, Yamai

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan je gidansa ranar Juma'a, in nuna masa sanarwar jana'izar da saƙonnin da suka binne ta, sannan in ga mutum biyun da suka fi mayar masa da martani. Abin da ban warware ba shi ne iyakar dokar da za mu kafa. Idan muka hana wa'azinsa, shin gayyatar Maulidi da ƴan'uwa ke turowa sanarwa ce kamar ta suna, ko ita ma ta shiga cikin abin da aka hana? Na tabbata wannan ce tambayar farko da zai yi mini, kuma ina son jin ta bakin Malam da Hajiya kafin Juma'ar.