Abin da inuwa da haske ke faɗa a hoton madaciya

Wasu ma'aikatan hoton ciki sun tattauna kan hoton madaciya da ake ɗauka da na'urar ultrasound mai amfani da sauti, kuma sun fi daɗewa a kan inuwar da ke bayan abu. Dutse yana mayar da sautin na'urar ko ya shanye shi, sai bayansa ya fito baƙi wuluk, gefen inuwar a tsaye kamar an ja layi. Iskar hanji ma tana yin inuwa, amma tata toka-toka ce, cike da hayaniyar sauti mai kai-komo.

Ruwa kuwa akasin haka yake yi. Sauti yana ratsa shi ba tare da rasa ƙarfi sosai ba, don haka naman da ke bayan madaciya ko ƙullutun ruwa yakan fi na gefensa haske. Sai dai wata daga cikin ma'aikatan ta ja kunne cewa wasu ƙullutai masu tsoka ma suna ba da wannan haske, bai kamata a yanke hukunci da shi kaɗai ba.

Misalin da aka warware shi ne farin ɗigo mai milimita 4 a madaciya, babu inuwa. Dutse ne ko tsiro? Shawarar ita ce, don a fito da inuwar idan akwai, a ɗaga mitar sautin, a saita wurin da na'urar ke tattara sauti daidai zurfin ɗigon, a kuma kashe tsarin haɗa hotuna daga kusurwoyi daban-daban, domin yana dusashe inuwa. Sannan a juya majiyyaci ya kwanta ta hagu. Dutse zai gangara, tsiro kuwa yana manne da bangon. A ganina wannan juyin ya fi taɓa maɓallan na'ura saurin raba gardama.